Darasi: Jawabin Godiya na Uban Ango a Wurin Walima

Idan aka ɗaura aure, aka raba goro da dabino, aka shafa Fatiha, amarya kuma ta tare a ɗakinta, to, akwai sauran wani nauyi da ya rage a wuyan dangin ango, shi ne su tara jama'a a kan walima su ciyar da su, sa'an nan kafin a watse wani babba daga cikinsu ya miƙe ya yi wa mutane godiya. A da can, lokacin da ake yin walima a zaure ko a ƙofar gida bisa tabarmi, wannan godiya ba ta wuce 'yan kalmomi da maigida zai faɗa wa sanƙira a hankali, shi kuma ya ɗaga murya ya isar wa jama'a. Yanzu kuwa da aka koma yin taro a ƙarƙashin rumfuna da manyan ɗakuna, ana miƙa wa dattijo lasifika a ce ya yi jawabi da bakinsa, sai ka ga mutum mai hankali, wanda ya iya sasanta rigimar gado a unguwarsu, ya tashi ya rasa ta inda zai kama. A wannan darasi za mu duba dalilin da ya sa godiyar ta hau kan uban ango, da tartibin da ake bi wajen yin ta, sa'an nan mu kawo misali guda ɗaya mu feɗe shi.

Abin da ya ɗora wa uban ango wannan magana

Dalili na farko yana cikin asalin walimar kanta. Ya zo a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, haka kuma a Buhari da Muslim, cewa sa'ad da Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu ya yi aure a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da ya yi walima ko da da tunkiya ɗaya ce. Ango aka yi wa umurnin, ba waliyyin amarya ba, don haka malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka tafi a kan cewa walima mustahabbi ce a kan miji, kuma abin da aka fi so a yi ta bayan tarewa, kamar yadda Shaihu Halil ya kawo a Muhtasar. Tun da yake haka ne, dangin ango su ne masu masauki a ranar, sauran jama'a duka, har da dangin amarya, baƙinsu ne. Mai masauki kuwa shi ke yi wa baƙo maraba, shi ke gode masa, shi ke sallamarsa.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Ku tuna yadda sigar aure take gudana a masallaci ko a zaure. Wakilin ango ne ke buɗe baki ya ce yana nema wa ɗansa auren wance, waliyyi ya ce ya ba shi a kan sadaki kaza, wakili ya ce ya karɓa, shaidu su shaida. Ashe ke nan a cikin dangogin nan biyu akwai wanda ya roƙa, akwai wanda ya bayar. Sadaki, wanda Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, haƙƙin amarya ne da Shari'a ta wajabta, bai zama kuɗin da aka biya iyayenta ladan reno da tarbiyyar shekaru ba. Wannan bashi ne da ba a biyansa da dukiya. Uban angon da ya fahimci haka zai miƙe a matsayin wanda aka yi wa kyauta, muryarsa da zaɓen kalmominsa duk su nuna haka. Wanda bai fahimta ba kuwa, wanda yake lissafin akwatunan lefe a zuci yana ganin shi ne ya yi wa mutane alheri, ko bai furta ba sai an ji ƙanshin gori a maganarsa.

Wane ne uban ango?

A wurin Bahaushe wannan tambaya ba ta banza ba ce. Ba kullum mahaifi ne ke tsayawa a kan auren ɗansa ba, domin kara da alkunya sun sa bisa al'ada yakan bar wa wansa ko ƙanensa, wato baffan yaron, ko wani amininsa na tun ƙuruciya, su je neman aure, su kai kuɗin gaisuwa, su karɓi aure ranar ɗauri. Balle idan ɗan fari ne, wanda iyaye da yawa ba sa ko kama sunansa. Saboda haka wanda ya karɓi auren a gaban shaidu yana da haƙƙi a kan jawabin nan, kuma kuskure ne mahaifi ya tsallake shi ba da shawara ba. Abin da ya dace shi ne a zauna a gida tun kafin ranar a yanke wanda zai yi magana. In baffa ne, ya yi ta da sunan mahaifi da dangi baki ɗaya. In mahaifi ne, ya fara da nuna cewa yayyensa ne suka ba shi izini. Mutum ɗaya tak ya kamata ya yi godiyar. Na sha ganin inda baffa ya gama, mahaifi ya ce yana da ɗan ƙari, kawu ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba, har aka kira sallar magariba ba a shafa addu'a ba.

Gaisuwa daban, godiya daban

A nan ne mafi yawan masu jawabi suke tuntuɓe, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Jawabin yana da tartibi iri biyu a cikinsa, kowanne da ma'auninsa. Bayan sallama da bisimilla da hamdala da salati ga Annabi, sai gaisuwa, ita kuwa da girman muƙami ake jera ta: in akwai wakilin Sarki ko hakimi, da shi za a fara, sai dagaci da mai unguwa, sai liman da sauran malamai, sai dattawa, sai sauran jama'a maza da mata. Kowa a ba shi kalmar da ta dace da shi, basarake a ce ransa ya daɗe, malami a ce Allah ya gafarta masa. Gaisuwa gajeruwa ce, numfashi biyu ko uku sun ishe ta.

Godiya kuwa ba da muƙami ake jera ta ba, da girman bashin da ake bin ku ake jera ta. Bayan Allah Maɗaukakin Sarki, babu wanda ya fi waliyyin amarya da iyayenta bin ku bashi a wannan rana, ko da kuwa waliyyin nan talaka ne fitik, a kujerar gaba kuma ga attajirin da ya ɗauki nauyin abincin taron duka. Duk uban angon da ya ɓata minti biyu yana yabon wani mai kuɗi ko ɗan siyasa, sa'an nan daga baya ya ce “haka kuma muna gode wa surukanmu,” to, ya juya al'amari kansa ƙasa, kuma dangin amarya sun ji, ko da sun yi murmushi. Bayan su sai waɗanda suka ƙulla auren, wato liman da shaidu da dattawan da suka yi ta kai da kawowa tun daga gaisuwar iyaye har zuwa sa rana. Sai baƙin da suka taso daga nesa, a ambaci garuruwansu. Sai maƙwabta da abokan arziki. Danginku na gida su ne na ƙarshe, domin mutum ba ya fara yabon gidansu a gaban baƙi, kuma aikin da suka yi nasu ne suka yi. Amma kada wannan ya sa a bar su ɗungum, musamman mata, waɗanda suka kwana a bakin murhu alhali sau da yawa ba sa ma wurin da ake maganar.

Sa'an nan a nemi gafara, a yi wa ango da amarya addu'a, a sallami jama'a. Duka-duka abin bai kamata ya wuce minti 5 ba, musamman in an fara taron bayan la'asar, ga baƙi masu son kama hanya kafin duhu.

Misali

Mu ɗauka ga wani dattijo maɗinki a Tudun Wadan Zariya, ɗansa na uku ya auri wata yarinya 'yar Katsina. Mahaifin yarinyar ya rasu tun tana ƙarama, baffanta ne ya rene ta, shi ne kuma waliyyi. Dangin mahaifiyarta mutanen Maraɗi ne, sun ƙetaro iyaka sun zo. Shi maɗinkin matansa biyu, ango ɗan uwargida ne. An ɗan sami saɓani lokacin sa rana, domin mutanen Katsina sun ɗaga bikin har sau biyu, wasu daga dangin ango suka yi maganganu. Yayan maɗinkin ne ya karɓi aure, amma tsufa ya kama shi, ya ce ƙanen ya yi magana. Mai unguwa da liman suna wurin. Ga yadda jawabin zai iya kasancewa bayan sallama da hamdala da salati:

“Mai unguwa, ranka ya daɗe. Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, maza da mata, barkanmu da wannan rana. Yaya ne ya kamata ya yi wannan magana, domin shi ya karɓi auren nan, amma ya umurce ni in ari bakinsa, ni kuwa ba ni da ikon ƙi.

“Bayan godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya, godiyarmu ta farko tana wurin iyayenmu na Katsina. Alhaji, mun zo ƙofarka ba ka san mu ba sai ta bakin mutane, ka shimfiɗa mana tabarma, ka bincika kamar yadda ya wajaba a kan kowane uba, sa'an nan ka ɗauki 'yarka ka ba mu. Ba mu da abin da za mu biya ka. Wahalar da kuka sha a kanta, kai da iyayenta mata, Allah ya sa ku same ta a mizani. Ɗan'uwanka da ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa wannan zuriya ta zama mai yi masa addu'a. Ina shaida maka a gaban jama'a, yarinyar nan ta bar gidan ubanta ta zo gidan ubanta. Amana ce kuka ba mu, Allah ya ba mu ikon riƙewa.

“Muna gode wa liman da ya ɗaura, da shaidu, da dattawan da suka yi ta bin hanyar Katsina ba gajiya har abin nan ya tabbata. Iyayenmu na Maraɗi, kun baro gida da sana'a, kun sha hanya saboda zumunci. Da ma an ce zumunta a ƙafa take, to, kun nuna mana, saura mu mu rama. Mutanen Kano da na Kaduna da sauran garuruwa, da maƙwabtana na Tudun Wada da suka buɗe ɗakunansu suka sauki baƙinmu, da abokan sana'ata, da abokan yaron nan da suka yi ta ɗawainiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Wanda ya ba da dukiyarsa, da wanda ya ba da ƙarfinsa, da wanda ya yi mana addu'a daga ɗakinsa, Allah ya san ku ɗaya bayan ɗaya, shi zai biya ku. Iyayen yaron nan mata da gwaggwanninsa da innoninsa, a isar musu cewa mun gani, mun gode.

“Sha'anin taro ba ya rasa kuskure. Duk wanda muka saɓa wa tun daga farkon maganar nan har yau, da saninmu ko ba da saninmu ba, wanda bai sami wurin zama ba, wanda abinci bai kai gare shi ba, wanda goron gayyata bai isa hannunsa ba, don Allah ya yafe mana. Mu ba mu riƙe kowa da kome ba.

“Kai kuma ango, ka ji abin da na faɗa wa iyayenta, kada ka ba ni kunya. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku a kan alheri, ya ba ku zuriya ɗayyiba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah gafarta malam, a yi mana addu'a.”

Mu feɗe misalin

Ku lura da farko cewa dattijon bai kama sunan kowa ba. Ya kira waliyyi Alhaji, ya fuskance shi ya yi masa magana kai tsaye, wannan kuwa ya fi jera sunayensa uku girmamawa, domin tsakanin surukai akwai kunya, kama suna gatsau kuma rashin ladabi ne. Ango ya zama “yaron nan,” amarya “yarinyar nan.” Baƙi an ambace su da garuruwansu da ƙungiyoyinsu. Hikimar wannan ita ce, da zarar ka fara kiran sunaye ɗaya-ɗaya, ka ɗaura wa kanka igiya, domin in ka kira 20 ka manta na 21, shi wannan ɗayan ne zai tafi da abin a ransa, su ashirin ɗin kuwa ba wani abu ka ƙara musu ba. In lalle sai an kira suna, a tsaya a kan masu muƙami da waliyyi, a kuma tabbatar da sarautar kowa da laƙabinsa tun kafin a tashi.

Na biyu, ya kira waliyyi uba, ya ce “'yarka,” sa'an nan ya yi wa mamacin addu'a. Da ya ce “marainiyar da ka riƙa,” da ya sa amarya kuka a ranar farin cikinta, ya kuma mai da baffan kamar wani baƙo mai taimako. Da kuma ya yi shiru a kan mamacin, da mahaifiyar amarya da danginta sun ji ciwo. Haka nan ya ce “iyayen yaron nan mata,” a jam'i, bai ware uwargida ba, ko da yake ita ta haife shi. Gidan da ke da mace fiye da ɗaya, kalma guda a bainar jama'a tana iya ta da ƙurar da za a yi wata ana kwantarwa.

Na uku, batun ɗaga rana. Bai ambace shi ba, bai kuma yi habaici a kansa ba, irin a ce “duk da 'yan matsalolin da aka samu.” Ya sa shi cikin neman gafara na bai ɗaya da ya ce “tun daga farkon maganar nan,” ya kuma ɗora laifin a kan ɓangarensa. Waɗanda abin ya shafa sun gane, waɗanda ba su sani ba kuma ba a ba su abin tsegumi ba. Har binciken da waliyyi ya tsananta ya mayar masa da shi abin yabo.

Na huɗu, babu lissafin kuɗi ko kaɗan. Bai faɗi abin da aka kashe ba, bai faɗi wanda ya ba da buhun shinkafa ko sa ba. Gudummawar biki a wurinmu aba ce da ake rubutawa a ajiye don a rama ranar da mai ita ya tashi nasa sha'anin, kuma godiyarta ta musamman ana yin ta ne daga baya, a taka har gida. Shelanta ta a lasifika kunyata wanda ya kawo kaɗan ne, alhali hadisin Abu Huraira ya zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Wanda ya kira talaka ya zo, sa'an nan ya zaunar da shi yana sauraron kirarin masu kuɗi, bai yi nisa da wannan zargi ba. Haka kuma bai yabi ɗansa ba, bai lissafa takardun makarantarsa ko aikinsa ba. Nasiharsa ga ango jimla ɗaya ce, domin wa'azi a kan haƙƙoƙin ma'aurata aikin malamin da aka gayyata ne, doguwar nasihar uba kuwa wurinta cikin ɗaki. Addu'ar da ya yi ta bi ma'anar wadda aka ruwaito daga Annabi, wato roƙon albarka da haɗuwa a kan alheri, kuma ya roƙi zuriya ta gari ba tare da ware 'ya'ya maza ba.

Shiri da alamun kuskure

Ku da kuka koyi karatu da rubutu a wannan aji kuna da wata dama da iyayenmu ba su samu ba. Daren walima ka zauna da uwargida da babban abokin ango, domin su ne suka san wanda ya zo da wanda ya yi ɗawainiya, ka ɗauki 'yar takarda ka rubuta ƙungiyoyin da za ka gode wa bisa tartibin da muka faɗa, da boko ko da ajami, layi ɗaya ga kowace ƙungiya. Kada ka rubuta jawabin duka ka zo kana karantawa kai a sunkuye, domin godiyar da aka karanto daga takarda ba ta shiga zuciya. Takardar ta tunatarwa ce kurum. Ka tambayi wani daga dangin amarya, a asirce, ko akwai wani babba a cikinsu da ba ka sani ba, kamar kakan amarya na wajen uwa, ko wata gwaggo da ta yi renonta.

Sa'ad da kake magana, jama'a za su nuna maka yadda kake tafiya. In kana kan hanya, za ka ji “amin” tana tashi gaba ɗaya a ƙarshen kowace addu'a, ka ga waliyyi ya sunkuyar da kai yana cewa ba kome. In “amin” ta fara raguwa, hira ta tashi daga kujerun baya, mutane suna duban rana ko agogo, to, ka tsawaita, sai ka tsallaka zuwa neman gafara. In kuwa ka ga dangin amarya suna kallon juna, ko wani ya matso yana yi maka raɗa, akwai wanda ka tsallake. Kada ka tsaya kana ba da hanzari. Ka ce “ga wani babban haƙƙi da na ajiye don kada ya ɓace cikin sauran,” ka ba mutumin nasa cikakke, ka ci gaba. Idan sai bayan an watse aka tuna, to, gyaransa ba a wayar tarho yake ba, sai ka sa takalmi ka je gidansa da goro.

Aikin yi

1. Bayyana bambancin ma'aunin da ake jera gaisuwa da shi da wanda ake jera godiya da shi. In hakimi da waliyyin amarya duk suna wurin, a ina kowannensu zai fito a jawabin?

2. A misalin da aka kawo, nemo jimlar da ta ɗauke maganar ɗaga ranar biki, ka faɗi dalilin da ya sa ba a fito da maganar fili ba.

3. Ka ɗauka kai ne baffan ango, mahaifinsa yana zaune a wurin amma ɗan farinsa ne. Iyayen amarya sun rabu, kowannensu ya zo da danginsa. Rubuta sashen godiya ga dangin amarya cikin jimla 5 ko 6, sa'an nan ka karanta wa ajin su gyara maka.